Agogon Hannu da Waya: Yadda Ake Haɗa Su, da Dalilin da Saƙo Ke Daina Shigowa

Wannan shi ne bayanin da muka yi a filinmu na harkar waya, mun rubuta shi domin wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana kan hanya, da kuma wanda ya ji amma yake son ya bi abin daki-daki da wayarsa a hannu. Idan karatun boko bai zauna maka ba, ka ba yaro ya karanta, kai kuma kana latsawa.

Maganar ita ce ta agogon zamani, wanda ake ɗaurawa a hannu ya riƙa nuna kira da saƙo, da ɗan'uwansa siririn nan mai kama da warwaro da ke ƙirga taku. Kukan da ya fi yawa a kansu iri ɗaya ne: ranar da aka saya yana aiki, bayan kwana biyu ya yi tsit. Kana tsakiyar kara, waya na can cikin aljihun ciki saboda 'yan sane, ka dogara da agogo ya gaya maka idan mai mota ya kira ko kuɗi sun shigo. Sai da yamma ka ciro waya ka tarar da kira shida, mota ta tashi ba da dabbobinka ba. Galibi agogon lafiyarsa lau. Saiti ne bai cika ba, kuma kai da kanka za ka iya cika shi.

Agogon ɗan aike ne kawai

Ka fara riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya. Yawancin agogunan da ake sayarwa a kasuwanninmu ba su da sim a cikinsu. Saƙo ba ya zuwa musu kai tsaye. Waya yake fara shiga, sannan wata manhaja da ke cikin wayar ta ɗauke shi ta miƙa wa agogo ta bulutut, wato abin nan da ake rubutawa Bluetooth a fuskar waya. Kenan zango uku ne: sabis ya kawo wa waya, waya ta nuna wa manhaja, manhaja ta tura wa agogo. Duk inda aka samu tsinkewa a zango ɗaya, hannunka ba zai ji motsi ba.

Shi bulutut ba ya cin data, ba ya cin kati, ba ruwansa da rezo. Ko a tsakiyar dajin da babu sabis, agogo da waya suna ganin juna. Amma tafiyarsa gajera ce, wajen mita 10 ne idan babu abin da ya tare, kuma bango ko jikin mutum na rage shi. In ka bar waya a wurin mai caji ka shiga cikin kasuwa, ko ka bar ta a bukka ka bi shanu mashaya, to kun rabu da ita, agogon ya koma mai nuna lokaci kurum.

Haɗawar farko: ta cikin manhaja ake bi

Kuskuren da ya fi yawa a nan yake. Mutum ya saba haɗa waya da sifika ko abin kunne, sai ya buɗe bulutut, ya ga sunan agogo, ya latsa, waya ta ce an haɗa. Amma saƙo ba zai taɓa zuwa ta wannan hanyar ba, domin babu mai ɗaukarsa ya kai. Wani lokacin ma wannan haɗin ne ke hana manhajar ganin agogon, don ya riga ya kama wani wuri.

Kowane agogo da manhajarsa. A kwalinsa, ko a takardar ciki, ko a cikin saitin agogon, akwai wani zane mai kusurwa huɗu da ɗige-ɗige wanda ake haskawa da kamara, shi zai kai ka wurinta. Agogunan masu sauƙin kuɗi da yawa suna aiki da Da Fit, ko FitPro, ko Wearfit Pro. Na kamfanin Xiaomi suna aiki da Mi Fitness, na Huawei da Huawei Health, na Samsung da Galaxy Wearable. Ta wani ba ta yi wa wani aiki, ko da agogunan sun yi kama kamar an tsaga kara. Shi kuwa Apple Watch na asali da iPhone kaɗai yake haɗuwa. In an sayar maka da mai kamarsa kuma ya haɗu da Tecno ko itel, to ka san kama ce kawai.

Ga yadda za ka bi. Ka fara cika agogon da caji. Ka sauke manhajar daga Play Store a inda kake da data mai ƙarfi, don wannan matakin yana buƙatarta. In ka riga ka haɗa agogon ta saitin bulutut, koma can ka latsa sunansa ka zaɓi Forget ko Unpair. A wayar da ke Faransanci za ka ga Oublier ko Dissocier. Sannan ka kunna bulutut, ka buɗe manhajar, ka nemi inda aka rubuta Add device, ka ajiye agogon dab da waya.

A nan waya za ta nemi izini. Idan wayarka Android 12 ce ko sama da haka, za ta tambayi Nearby devices, a Faransanci Appareils à proximité. Ka yarda. Idan ta girmi haka, daga Android 6 zuwa 11, izinin Location za ta nema, kuma dole ka kunna shi kansa maɓallin nuna wuri kafin ta iya lalubo agogon. Mutane da yawa sukan ƙi, suna cewa me ya haɗa agogo da sanin inda nake. Tsarin tsofaffin wayoyin ne haka: ba sa barin manhaja ta nemi na'urar bulutut sai da wannan izinin. In ka hana, za ta yi ta juyi ba ta ga komai ba.

Wani abin lura ga wanda yake haɗawa a cikin kasuwa: kusa da teburin mai sayarwa za ka iya ganin agogo biyar masu suna ɗaya sun fito. Shiga saitin agogonka, wurin About, za ka ga wata lamba mai haruffa da alƙaluma an raba su biyu-biyu. Yawancin manhajojin suna nuna irin wannan lambar a ƙarƙashin kowane suna. Dubi huɗun ƙarshe, ka zaɓi wanda ya yi daidai da naka. Alamar an dace ita ce lokacin agogon zai gyaru nan take ya yi daidai da na waya. In kuwa na hannu ka saya, sai an fara goge shi da Reset, don wataƙila har yanzu yana ɗaure da wayar mai shi na farko.

Izinin karanta sanarwa

An haɗa, lokaci ya yi daidai, amma aiki bai ƙare ba. Waya ba ta barin kowace manhaja ta leƙa saƙonnin da ke faɗowa a saman fuskarta sai ka ba ta izini na musamman, kuma wannan izinin ba ya cikin waɗanda aka tambaye ka da farko. Sunansa Notification access, a Faransanci Accès aux notifications. A wasu sababbin wayoyi za ka gan shi da sunan Device & app notifications. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga Settings, ko Paramètres, ka rubuta kalmar notification a wurin nema. In ka same shi, za ka ga jerin manhajoji, sai ka kunna ta agogonka.

Daga nan ka koma cikin manhajar agogon, wurin sanarwa. Akwai maɓalli daban na kira, daban na saƙon tes, daban na WhatsApp, kuma sau da yawa a kashe suke zuwa. Kunna waɗanda kake buƙata kaɗai. In ka kunna komai, agogon zai yi ta zillo a hannunka saboda talla da surutun zauruka, batirinsa ya ƙare da wuri, kai ma ka daina dubawa, har ranar da saƙon gaske zai zo ka share shi.

Akwai tarko biyu a wannan wurin da suka shafe mu sosai. Na farko, mu nan mun saba karɓar manhaja daga wayar aboki ta Xender ko a wurin masu tura fina-finai, don tsimin data. Tun daga Android 13, idan manhaja ba daga Play Store ta fito ba, waya takan toshe mata wannan izinin. Za ka ga maɓallin ya yi fari-fari, in ka taɓa ta rubuto Restricted setting. Ana buɗe shi ta shiga Settings, sai Apps, sai sunan manhajar, sai ɗigo ukun nan na sama, sai Allow restricted settings, wato Autoriser les paramètres restreints. Amma shawarata, goge ta ka sauko da ta Play Store. Wannan izini ne na karanta saƙonninka, bai kamata ka ba manhajar da ba ka san hannun da ta biyo ba.

Na biyu, ƙananan wayoyin nan masu Android Go, waɗanda suke Android 10 ko ƙasa da haka, tsarinsu bai yarda da wannan izinin ba sam. A irinsu agogo zai iya nuna lokaci da taku, wataƙila har da kira, amma saƙon WhatsApp ba zai zo ba ko wa ya taɓa maka. Kada ka ɓata kuɗi wurin mai gyara. Kafin ka sayi agogo, duba About phone ka ga irin wayarka.

Mai kashe manhaja a ɓoye

Yanzu ga babban dalilin da ya sa abu ke aiki yau gobe ya mutu. Manhajar agogo dole ta zauna a farke a bayan fage dare da rana. Ita kuwa waya an gina ta ne ta riƙa kashe duk manhajar da ba a buɗe ba, don batir ya daɗe. Ba ta san wannan ɗan aikenka ba ne. Sai ta ga ya daɗe zaune, ta kore shi. Mu kuma da caji ke yi mana wuya, mun fi kowa matsa wa waya ta yi tsimi, muna share komai, muna kunna yanayin ajiye batir. Ashe da hannunmu muke sallamar ɗan aiken.

Abu uku za ka yi. Na ɗaya, shiga bayanin manhajar a Settings, wurin batir, ka cire ta daga tsimi. Kalmar takan zama Unrestricted, ko No restrictions, ko Don't optimize, gwargwadon wayar. Na biyu, ba ta damar tashi da kanta. A Tecno da Infinix da itel, nemi Auto-start management, wanda galibi yake cikin Phone Master. A Redmi sunansa Autostart. A Samsung ka sa ta cikin Never sleeping apps. Na uku, buɗe jerin manhajojin da ka yi amfani da su kwanan nan, ka nemi alamar kwaɗo a kan ta agogon ka kulle ta, ta yadda ko ka share sauran ita za ta tsaya.

Za ka kuma ga wata 'yar sanarwa ta manhajar ta maƙale a saman waya ta ƙi gogewa. Kada ka toshe ta. Ita ce shaidar da manhajar ke nuna wa waya cewa tana bakin aiki.

Sai dai ka sani, idan batir ya yi ƙasa ka kunna tsimi mai tsanani, irin wanda ake rubutawa Ultra power saving, wanda ke barin kira da tes kaɗai, to manhajar agogo za ta tsaya. Wannan ba lalacewa ba ce. In ka samu caji ka fita daga yanayin, buɗe manhajar sau ɗaya ka jira ta nuna Connected. Haka ma duk lokacin da waya ta mutu aka kunna ta. Shi kansa haɗin da ke kai saƙo ba ya shan batir sosai. Hasken fuskar waya da neman sabis a inda yake da rauni sun fi shi ci nesa ba kusa ba.

Mu bi misali guda

A ce kai mai fataucin awaki ne tsakanin Maraɗi da Jibiya. Wayarka Tecno ce mai Android 13, agogonka na aiki da Da Fit. Ka tsallaka, tun hantsi ba ka ji motsi a hannu ba, alhali kana jiran dillali ya turo saƙo. Kada ka fara da goge komai. Bi zangon nan uku, daga na kusa da hannunka.

Fara da duba agogon. Yawancinsu suna da 'yar alamar sarƙa ko ta bulutut da ke nuna an haɗe ko an rabu, kuma suna da Find phone, wanda ke sa waya ta yi ƙara. Latsa shi. In waya ta yi shiru, haɗin ya yanke. Buɗe manhajar. Idan da buɗewarka ta haɗe da kanta cikin 'yan daƙiƙu, to ka kama ɓarawon: waya ce ta kashe ta a baya, sai ka koma kan abubuwa ukun can na batir. Idan ta ƙi haɗuwa, kashe bulutut ka kunna, in bai yi ba ka kashe agogon ka kunna.

To a ce waya ta yi ƙara. Kenan tsakanin agogo da manhaja lafiya lau. Sai ka sa wani na kusa ya turo maka tes, wayarka tana kulle. In ya faɗo a waya bai zo agogo ba, matsalar a izinin sanarwa take. Je Notification access. Ko ka tarar da shi a kunne, kashe shi ka sake kunnawa, domin bayan waya ta kashe manhaja, wani lokacin izinin yakan nuna a kunne alhali ya saki. Ka duba kuma ko agogon na kan Do not disturb, mai alamar jinjirin wata, don hannun riga ma kan iya taɓo shi.

In kuwa tes ya zo har agogo amma WhatsApp shiru, dubi wayar da kanta. A misalinmu nan abin yake: datarka tana kan sim ɗin Nijar, ka shigo Najeriya, sabis ɗinsa ya ɗauke ko ya koma yawo a layin wata ƙasa, inda data ba ta aiki sai an kunna Roaming, kuma tsadarsa daban ce. Saƙon dillali bai ma iso waya ba, balle agogo. Mayar da data kan sim ɗin Najeriya, saƙonni za su zubo, hannunka ya ɗauki rawa. Canza sim ko sauya layin data ba ya warware haɗin agogo da waya, ba sai ka sake haɗawa ba. A garuruwan da ke dab da iyaka, irin su Birnin Ƙonni da Illela, waya kan iya kama layin ƙetare kana zaune a gidanka, don haka wannan binciken ba na matafiyi kaɗai ba ne.

Ka tuna kuma, agogo abin da waya ta sanar kaɗai yake maimaitawa. Zauren da ka sa wa shiru ba zai zo ba. Hirar da ka bari a buɗe a fuskar waya ma ba za ta zo ba, don waya na ganin kana karantawa.

Agogo mai amsa kira

Wanda ake magana ta cikinsa yana da haɗi biyu. Na farko shi ne na manhaja, mai kai saƙo. Na biyu na murya ne, kamar na abin kunne, kuma shi a saitin bulutut na waya ake ganinsa, wani lokacin da suna na biyu mai ɗauke da kalmar Audio ko Call. Shi kaɗai ne ake haɗawa ta can, kuma bayan an gama na manhaja. Matsalarsa, yakan janye duk sautin waya. Ka latsa saƙon murya da maigida ya turo kan farashi, sai ka ji shi yana tashi daga hannunka a gaban mai saye. Maganinsa, latsa alamar saiti kusa da sunan agogon a bulutut, ka kashe Media audio ka bar na kira. Wannan haɗin na murya ya fi cin batirin agogo, in ba ka amfani da shi, kashe shi.

Abin da ba zai yi maka ba

Mu mutanen saƙon murya ne, amma ƙananan agogunan nan ba sa kunna shi. Za su nuna maka sunan wanda ya turo, sauraro kuwa sai ka ciro waya. Wasunsu kuma ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, ba su san rubutun ajami ba, sai su nuna 'yan akwatuna. Ka ajiye sunayen mutanen da suka fi muhimmanci da baƙaƙe masu sauƙi, gajeru, yadda kallo ɗaya zai ishe ka.

Lokaci ma daga waya yake ɗauka. Nijar, Najeriya, Benin, Kamaru da Chadi duk agogonsu ɗaya, ba abin da zai canza. Amma mai zuwa Ghana, Togo ko Burkina Faso zai koma baya da awa guda. In ka isa, tabbatar lokacin waya ya gyaru, sannan ka buɗe manhajar don agogon ya bi.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi shafar aljihu. Alat da ka gani a agogo ba shaidar shigar kuɗi ba ne. Agogo guntun saƙo yake nunawa, kuma ba ya bambance na banki da wanda ɗan damfara ya ƙirƙira ya turo. Kada ka saki igiyar sa ko buhun hatsi don hannunka ya motsa. Ciro waya, shiga asusunka, ka ga kuɗin sun ƙaru da idonka. Sannan lambar sirri da banki ko kamfanin tura kuɗi ke aikowa ta tes, ita ma za ta iya bayyana a hannunka, inda na kusa da kai a mota zai karanta. In kana harkar kuɗi masu nauyi, kashe maɓallin tes a manhajar agogon ka bar kira da WhatsApp. Idan kuma za ka sayar da agogon ko ka ba ƙaninka, cire shi daga manhajar, ka yi masa Reset, ka janye izinin sanarwar.

Wanda ya bi matakan nan abin bai yi ba, ya aiko mana da sunan wayarsa, da lambar Android ɗinta, da sunan manhajar agogon, da kuma zangon da abin ya tsaya, za mu duba a shiri na gaba. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa, ya albarkaci garke. Mu kwana lafiya.